Riwaya da Ma'ana da Jingina Magana ga Mai Ita a Takardar Ɗalibin Koyon Malanta

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi matsalar da ɗaliban koyon malanta suke yawan faɗawa cikinta yayin rubuta takardar zangon karatu, wato ɗaukar maganar wani marubuci a sauya mata kalmomi, a zaci ta zama ta mai rubutu. An bi misali guda daga farko zuwa ƙarshe domin a nuna bambancin sauya kalmomi da riwaya da ma'ana ta gaskiya, da yadda ake jingina magana ga littafin da ɗalibi ya gani da idonsa.

1.0 Gabatarwa

Mafi yawan ɗaliban da ake kamawa da satar fasaha ba su zauna da niyyar sata ba. Ɗalibi yakan buɗe littafi a gabansa, ya riƙa bin jimlolinsa ɗaya bayan ɗaya, yana cire kalma yana sa 'yar uwarta, sannan ya rufe littafin da natsuwar cewa ya rubuta da kalmominsa. Idan malami ya mayar masa da takardar, sai ya yi mamaki, domin a ganinsa bai kwafi komai ba. Ga ɗalibin koyon malanta abin ya fi nauyi, saboda ba da jimawa ba shi ne zai riƙa duba jingar yara, kuma abin da bai gane a rubutunsa ba, ba zai gane shi a nasu ba.

Ƙa'idar da maƙalar ta tsayu a kanta guda ce: a kowace jimla ta takarda, mai karatu ya iya sanin muryar wa yake ji. Ya san inda maganar wani ta fara, da inda ta ƙare, da inda ɗalibi ya shigo da tasa.

2.0 Abin da Magabata Suka Riga Suka Tsara

Ɗalibin ilimin addini bai kamata wannan ƙa'ida ta zame masa baƙuwa ba. A littattafan Larabci da yake karantawa, marubuci yakan buɗe naƙali da kalmar ƙala, ya rufe shi da intaha, sannan ya fara nasa ra'ayin da ƙultu. Idan ya taɓa lafazin, ya taƙaita ko ya sake tsari, yakan sanar da cewa naƙalin bi tasarrufin ne. Waɗannan alamomi suna yin aikin da alamar zancen wani da baka biyu suke yi a rubutun boko na yau.

Malaman hadisi kuma sun tattauna riwaya da ma'ana tun da wuri. An san Ibnu Sirin da tsayawa kan lafazi, an kuma san Hasanul Basari da Sha'abi da sauƙaƙawa wajen ruwaito ma'ana. Waɗanda suka halatta sun gindaya sharaɗi: mai riwaya ya kasance masanin harshe, wanda ya san abin da yake karkatar da ma'ana. Ibnus Salah, wanda ya rasu a shekara ta 643 bayan Hijira, ya ƙara da cewa wannan sauƙi bai shafi sauya lafazin littafin da wani ya wallafa ba. Suyuɗi kuwa, wanda ya rasu a 911 bayan Hijira, har risala ya rubuta mai suna Alfariƙu bainal Musannifi was Sariƙi, a kan bambancin mawallafi da ɓarawo, yana ƙorafin wanda ya kwashi aikinsa bai ambace shi ba.

Sai dai kwatancen yana da iyaka. Mai ruwaito hadisi da ma'ana burinsa ya kusanci lafazin asali gwargwadon iko. Ɗalibin da yake ruwaito ra'ayin wani marubuci a takardarsa kuwa, ana so ya riƙe ma'anar daidai, amma ginin jimlar da tsarin bayanin su zama nasa. Idan kuma lafazin yake so, sai ya ɗauko shi yadda yake, ya sa masa alamar zancen wani. Tsakanin waɗannan hanyoyi biyu, wato lafazin wani da aka ɗan yi wa kwaskwarima, nan ne ramin yake.

3.0 Misalin da Za a Bi

A ɗauka an ba ɗalibi jinga a darasin tarihin ilimi, a kan horo da bulala a makarantun allo. Ya sami wani littafin zamani a ɗakin karatu. Domin kada a jingina wa kowa abin da bai faɗa ba, an tsara sakin layin da ke biye musamman don wannan maƙala, an kuma kira marubucinsa Wane, shekarar bugu 2015, shafi na 42:

"Dukan da ya wuce kima ba ya ƙara wa yaro hadda, sai dai ya koya masa ɓoye kuskurensa. Yaron da ya saba da bulala yakan mayar da hankalinsa kan fuskar malam maimakon allonsa, yana karanta alamun fushi kafin ya karanta harafi. Da tafiya ta yi nisa, tsoro yakan zame masa ɗabi'a, har ya riƙa faɗin abin da zai kuɓutar da shi maimakon gaskiya. Ibnu Khaldun ya yi nuni ga wannan tun a ƙarni na 14, ya kuma ruwaito daga Ibnu Abi Zaid cewa kada malami ya wuce bulala uku."

3.1 Yunƙurin Farko: Sauya Kalmomi

Ga abin da ɗalibin ya fara rubutawa:

"Bugun da ya zarce misali ba ya haɓaka haddar almajiri, illa ya sanar da shi rufe laifinsa. Almajirin da ya saba da dorina yakan karkata tunaninsa kan fuskar malami a madadin allo, yana nazarin alamomin ɓacin rai kafin ya nazarci baƙi. A kwana a tashi, fargaba takan zame masa hali, har ya dinga furta abin da zai tsirar da shi a madadin gaskiya."

Kusan babu kalmar da ba a taɓa ba, amma komai na Wane ne. Jimloli ukun farko na can, su ne ukun da suke nan. Kowace ta fara da abin da 'yar uwarta ta fara da shi, ta ƙare inda ta ƙare. Jerin tunanin, daga hadda zuwa fuskar malam zuwa ƙarya, bai motsa ba. Hoton yaro yana karanta fushi kafin ya karanta harafi, wanda shi ne abin da marubucin ya fi wahala wajen samowa, an ɗauke shi ɗungurungum. Sannan ba a ambaci sunan kowa ba. An haɗa laifi biyu ke nan: ɗaukar ra'ayi da ɗaukar gini.

Akwai kuma ɓarnar da sauya kalma yake jawowa ba a lura ba. Wane ya ce "kuskure", ɗalibi ya mayar da shi "laifi". Kuskuren karatu daban, laifi daban. Ya ce "bulala", aka mayar da ita "dorina", alhali dorina ta fi tsanani nesa ba kusa ba. Mai neman kalma don ta bambanta da ta asali kawai, sau da yawa yakan sami wadda ta bambanta har a ma'ana.

3.2 Yunƙuri na Biyu: Liƙa Suna a Ƙarshe

Da aka ce masa ya ambaci madogara, sai ɗalibin ya bar sakin layin yadda yake, ya ƙara (Wane, 2015) a ƙarshensa. Wannan ya gyara laifi ɗaya, ya bar ɗayan. Ambaton suna ba tare da alamar zancen wani ba yana gaya wa mai karatu cewa ra'ayin na Wane ne, amma jimlolin ɗalibi ne ya gina su. Rabin farko na wannan iƙirari gaskiya ne, rabi na biyu ba haka ba ne. Bugu da ƙari, suna ɗaya a ƙarshen dogon sakin layi ba ya nuna inda naƙalin ya fara. Mai karatu ba zai san ko jimlar ƙarshe kaɗai ce ta Wane ba, ko duka ukun.

3.3 Yunƙuri na Uku: Wuce Gona da Iri

Don gudun kamanceceniya, ɗalibin ya nisanta sosai ya rubuta: "Wane (2015) ya tabbatar da cewa duka ba shi da wani amfani, kuma duk yaron da aka daka maƙaryaci ne." Yanzu jimlar tasa ce, an kuma ambaci suna, amma an ɗora wa marubucin abin da bai faɗa ba. Shi dukan da ya wuce kima ya soka, ba duka gaba ɗaya ba. Ya ce "yakan", ɗalibi ya ce "duk". Ra'ayi ya bayyana, ɗalibi ya ce "ya tabbatar", kamar wanda ya gudanar da bincike ya kawo hujja. A nan ne sharaɗin malaman hadisi yake aiki: ƙananan kalmomin da suke ƙayyade magana, irin su wasu, galibi, yakan, idan, su ne farkon abin da yake zubewa a riwaya da ma'ana, kuma da zubewarsu hukuncin yake sauyawa.

3.4 Yunƙurin da Ya Dace

"A ganin Wane (2015: 42), babbar illar tsananta duka ta fi shafar hali fiye da karatu: yaro yakan saba da fifita tsira a kan gaskiya. Ya danganta hakan da cewa tsoro yana raba hankalin ɗalibi da darasinsa, har ya kai yana 'karanta alamun fushi kafin ya karanta harafi'. Marubucin bai yi magana kan horo mai sauƙi ba, kuma wannan ne gurbin da takardar nan za ta duba, domin a makarantu biyun da na ziyarta, yawancin horon da na gani tsawa ce da tsayar da yaro."

Abubuwa huɗu suka sauya. Sunan marubucin ya zo a farko, don haka an san inda naƙali ya fara. An juya tsarin: sakamako ya gabata, dalili ya biyo baya, domin sakamakon ne takardar ɗalibin take buƙata. Hoton nan da ba a iya sake faɗarsa ba tare da an lalata shi ba, an ɗauko shi da lafazinsa an sa masa alama. Jimlar ƙarshe kuwa ita ce ƙultu ta ɗalibi, inda muryarsa ta fito.

4.0 Hanyar Isa ga Wannan

Gyaran yana farawa tun a ɗakin karatu, kafin a rubuta jimlar farko ta takarda. Ɗalibi ya rubuta cikakken bayanin littafi a saman shafin da yake ɗaukar bayanai: marubuci, shekara, suna, maɗaba'a. Sannan duk abin da ya rubuta a ƙasa ya sa masa lambar shafi da alama ɗaya cikin uku: lafazin marubuci, ko ma'anarsa, ko tunanin da ya zo wa ɗalibin yana karatu. Sata da yawa daga nan take fitowa. Ɗalibi ya kwafi jimla a littafin rubutunsa ba alama, bayan mako uku ya dawo ya same ta da rubutun hannunsa, ya ɗauka tasa ce.

Idan an zo rubutu, sai ya karanta sakin layin har ya fahimta, ya rufe littafin, ya tambayi kansa: me mutumin nan yake iƙirari, kuma me ya kafa hujja da shi? Ya amsa da baki, kamar yana yi wa ɗalibin aji bayani, sannan ya rubuta amsar. Wannan aiki ne da ɗalibin malanta ya riga ya saba da shi a lokacin gwajin koyarwa. Idan ya kasa amsawa sai ya leƙa littafi, to bai fahimta ba tukuna, kuma rubutun da zai yi a wannan hali sauya kalmomi ne kawai zai zama.

Daga nan ya buɗe littafin ya gwada. Ya duba ko akwai kalmomi da suka zo a jere iri ɗaya a wuraren biyu. Idan akwai, ko ya sake su, ko ya sa musu alama. Ya duba ko jimlolinsa suna tafiya kafaɗa da kafaɗa da na marubucin. Ya kuma duba ko wata kalmar ƙayyadewa ta zube. Kalmomin fannu ba sa cikin abin da ake sauyawa: hadda tana nan a hadda, isnadi yana nan a isnadi.

5.0 Littafin da Ba Ka Gani Ba

Jimlar ƙarshe ta sakin layin Wane tana ɗauke da jarrabawa ta daban. Ɗalibin bai buɗe Muƙaddima ta Ibnu Khaldun ba, amma yana sha'awar sunanta ya fito a takardarsa. Sai ya rubuta cewa Ibnu Abi Zaid ya iyakance bulala uku, ya jingina wa Muƙaddima, ya sa ta a jerin manazarta, ya share Wane daga tsakani.

A wannan karon labarin daidai ne. Ibnu Khaldun, wanda ya rubuta Muƙaddima a 1377 Miladiyya, ya keɓe fasali a babi na shida kan cewa tsanantawa ga masu koyo tana cutar da su, ya kuma kawo maganar bulala uku daga Ibnu Abi Zaid. Amma dacewa ɗalibin ya yi, domin ba shi da hanyar sanin haka. Da Wane ya yi kuskure, da ɗalibin ya gaji kuskuren ya kuma sa hannu a kansa. Ya kuma tauye haƙƙin wanda ya yi wahalar nemo maganar. Wannan ya yi kama da abin da malaman hadisi suke kira tadlisi: a jefar da wanda aka ji magana daga bakinsa, a ambaci na sama da shi da lafazin da zai sa a zaci daga gare shi aka ji. Hukuncin abubuwan biyu ba ɗaya ba ne, amma siffar yaudarar ɗaya ce.

Mafita biyu ce. Mafi kyau ya nemo Muƙaddima ya karanta fasalin. Idan ya yi haka, ya ambaci bugun da ya riƙe, domin bugunta suna da yawa kuma lambobin shafi ba sa dacewa. Ya ƙara da babi da sunan fasali, don mai wani bugun ya iya samu. Idan fassara ya karanta, kamar ta Ingilishi da Franz Rosenthal ya fitar a 1958, fassarar zai ambata da sunan mai fassara. Idan kuwa littafin bai samu ba, ya faɗi gaskiya: "Ibnu Khaldun, kamar yadda Wane (2015: 42) ya kawo, ya ruwaito daga Ibnu Abi Zaid iyakance bulala uku." A tsarin APA, wanda ake yawan bi a fannin ilimi, Wane kaɗai ne zai shiga jerin manazarta, tunda shi aka karanta.

6.0 Fassara da Abin da Kowa Ya Sani

Ɗalibin da yake rubutu da Hausa yawancin madogaransa Larabci ne da Ingilishi, don haka yakan zaci fassara ta isa ta mayar da magana tasa. Wahalar fassara tasa ce, amma ra'ayi da tsari na mai littafi ne. Idan ya bi nassin jimla bayan jimla, naƙali ne kai tsaye: ya sa alamar zancen wani, ya kawo shafi, ya ce fassarar tasa ce. Tsarin APA ya tanadi cewa naƙalin da ya kai kalmomi 40 a ware shi a sakin layinsa, a turo shi ciki, ba tare da alamar ba. Manhajojin da suke gwada kamanceceniyar rubutu galibi jerin kalmomi suke kamawa, saboda haka fassara tana iya wuce su. Ƙarancin kason da manhaja ta nuna ba shaidar tsarki ba ce, kamar yadda yawansa ba hukunci ba ne, tunda takan lissafa har naƙalin da aka jingina daidai.

Ba kowace magana ce take buƙatar madogara ba. Cewa Ibnu Khaldun ya rasu a Alƙahira a 1406 abu ne da yake a littattafai barjat, ba na kowa ba ne. Amma cewa ra'ayinsa kan horo ya samo asali daga kaza, wannan fahimtar wani ce, sai an ambace shi. Ma'auni mai sauƙi shi ne: idan mai karatu zai iya tambaya "in ji wa?", to a amsa masa kafin ya tambaya. Aya da hadisi kuwa, duk da shahararsu, ana kawo sura da lambar aya, da littafin hadisi da babi ko lamba.

7.0 Yadda Mai Dubawa Yake Ganewa

Malami mai lura ba ya buƙatar na'ura kafin ya yi zargi. Salo yakan sauya farat ɗaya, daga Hausar ɗalibi ta yau da kullum zuwa jimloli masu nauyi da kalmomin da ba su zauna daidai ba. Jerin manazarta yakan ƙunshi littattafan da ko sau ɗaya ba a ambace su a cikin takarda ba. Kuskuren shekara ko na suna yakan bayyana iri ɗaya a takardun ɗalibai da dama. Gwajin da ya fi kowanne shi ne malami ya rufe takardar ya ce wa ɗalibi ya bayyana sakin layin da bakinsa, ya kuma kawo littafin ya nuna shafin. Wanda ya ruwaito da ma'ana bayan fahimta zai yi duka biyun cikin sauƙi.

8.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa riwaya da ma'ana tana da sharuɗɗa uku: ma'ana ta tsaya yadda mai ita ya nufa, gini ya zama na ɗalibi, suna da shafi su nuna littafin da aka riƙe a hannu. Sauya kalmomi ya karya na biyu, wuce gona da iri ya karya na farko, jefar da na tsakiya ya karya na uku. Ana ba ɗalibi shawara, kafin ya miƙa takardarsa, ya bi ta da alƙalami jimla bayan jimla, yana rubuta sunan mai magana a gefen kowace. Duk jimlar da ya kasa sa wa suna, ko wadda ya sa wa nasa alhali zuciyarsa ba ta natsu ba, ita ce za ta mayar da shi ɗakin karatu. Allah ne Mafi sani.